Dabarar maƙwabta mafi kusa (k-NN)

Dabarar maƙwabta mafi kusa, wadda ake rubutawa k-NN, hanya ce ta hasashe a fannin koyon na'ura. Evelyn Fix da Joseph Hodges ne suka fara bayyana ta a 1951, sannan Thomas Cover da Peter Hart suka faɗaɗa nazarinta a 1967. Idan aka kawo sabon abu, sai a auna nisansa da kowane misali da aka riga aka san rukuninsa, a ɗebi guda k da suka fi kusa, a ba shi rukunin da ya fi yawa a cikinsu. Harafin k shi ne yawan maƙwabtan da aka zaɓa a duba. In adadi ake nema, sai a ɗauki matsakaicin nasu.

Komai ya rataya ne a kan nisa, kuma lissafin nisa bai san shekara ko mita ba, lamba kawai yake gani:

```
d = sqrt((x1 - y1)^2 + (x2 - y2)^2)
```

A nan d shi ne nisan, x1 da x2 siffofi biyu ne na sabon abu, y1 da y2 kuma na misalin da ake kwatanta shi da shi. A ce ana son gane ko wani yana da lafiya, ga mutum mai shekara 30, fararen ƙwayoyin jininsa 7,000. A bayanan da aka adana akwai tsoho mai shekara 70 da ƙwayoyi 7,100, da matashi mai shekara 31 da ƙwayoyi 7,500. Nisan tsohon zai fito kimanin 108, na matashin kuwa 500. Wato dabarar ta zaɓi tsohon, domin lambobin dubbai sun danne tazarar shekara 40.

Maganin shi ne daidaita ma'auni kafin a auna nisa, misali a matse kowace siffa tsakanin 0 da 1:

```
z = (x - min) / (max - min)
```

Idan shekarun suna tsakanin 20 da 80, ƙwayoyin kuma tsakanin 4,000 da 14,000, nisan tsohon zai koma 0.67, na matashin 0.05. Maƙwabci ya canza, hasashe ma zai iya canzawa. Daga bayanan horo kaɗai, wato misalan da dabarar ke neman maƙwabta a cikinsu, ya kamata a ciro `min` da `max`, wato mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar kowace siffa. In an haɗa da na gwaji, wato waɗanda aka ware don auna ingancin dabarar, sakamakon zai iya fin gaskiyarsa kyau.

Zaɓen k ma yakan canza amsa. Idan k ya zama 1, misali ɗaya da aka yi kuskuren rukuninsa ya isa ya karkatar da amsa. Ana gane wannan idan dabarar ta dace sosai a kan bayanan horo amma ta yi ta kuskure a kan sababbi. Idan k ya yi yawa, na nesa sukan shigo ƙuri'a, har ƙaramin rukuni ya ɓace: inda lafiyayyu suka kai 90 cikin misalai 100, k na 25 ba zai taɓa cewa wani ba shi da lafiya ba, tunda marasa lafiya 10 ba za su rinjayi 15 ba.

Shi ya sa ake gwada k daban-daban a kan wani kaso na bayanai da aka ware, a riƙe wanda ya fi ƙarancin kuskure. Inda rukuni biyu ne, akan ɗauki irin su 3, 5 ko 7 don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki.