Dosiyen ma'aikaci a Nijar: haƙƙin dubawa da nauyin tsarewa

Dosiyen ma'aikaci shi ne tarin takardun da wurin aiki ke ajiyewa a kan mutum tun ranar da aka ɗauke shi: yarjejeniyar aiki, takardar haihuwa, lambarsa ta CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da tallafin ma'aikata, takardun albashi da na hutu, da duk wani gargaɗi da aka taɓa rubuta masa. A Maradi, kamfanonin sufuri, makarantun kuɗi da manyan shagunan fatake kan ajiye shi a kabad, wasu kuma a kwamfuta. Kabad na kamfani ne, amma abin da ke rubuce a ciki bayanin rayuwar ma'aikaci ne, shi ya sa doka ta ba shi ikon gani.

Nijar ta fara kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, sannan ta sauya ta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022. Hukumar HAPDP da ke Yamai ce ke sa ido a kan aiki da ita. Dokar ta ba mutum ikon sanin abin da aka tara a kansa da dalilin tarawa, da ikon sa a gyara kuskure. Takarda da kwamfuta duk hukuncinsu ɗaya.

Hanyar neman dubawa ita ce wasiƙa. Ma'aikaci ya rubuta wa shugaban wurin aiki ko mai kula da ma'aikata, ya sa kwanan wata, ya haɗa da shaidar cewa shi ne, ya yi kofi biyu. Ɗaya a buga mata hatimin karɓa ya tafi da ita gida. Roƙon baki ba ya barin shaida, kuma da yawa kunyar maigida ke sa su tsaya a nan.

Amfanin dubawar ya fi fitowa a kan kwanan fara aiki. A ɗauki misalin mai kula da sito da ya kama aiki a watan Maris na 2016, amma ba a yi masa rajista a CNSS ba sai Janairun 2018, aka kuma rubuta wannan kwanan na biyu a dosiyensa. Wata 22 ke nan suka ɓace. Da shekarun aiki ake lissafin ƙarin kuɗin daɗewa da kuɗin sallama, fansho kuma ana duba watannin da aka zuba a asusu, don haka kuskuren layi ɗaya yana cin mutum ta fuska uku. Ana gane shi ta gwada kwanan da ke dosiye da takardar albashi mafi tsufa da ke hannu, da kuma bayanin da ofishin CNSS zai bayar. In sun saɓa, sai a rubuta wasiƙa ta biyu ta neman gyara, a liƙa kofin tsofaffin takardun. Gara a yi wannan tun ana zaman lafiya, domin bayan sallama takardu kan yi wuyar samu, abokan aikin da za su iya shaida kuma suna tsoron bakin abincinsu.

Ikon yana da iyaka. Ma'aikaci zai ga abin da ya shafe shi, ba albashin abokin aikinsa ba, kuma ba zai sa a cire gargaɗin da aka yi masa bisa ƙa'ida ba don kawai bai ji daɗinsa ba.

Shi kuwa mai ɗaukar aiki, ba a yarda ya tara sai abin da aikin ke buƙata, ya kuma tsare shi daga idon da bai shafa ba. A aikace wannan na nufin kabad mai makulli, kalmar sirri ta kowane mai shiga kwamfuta daban, da daina tura takardun albashi a zauren WhatsApp, inda kowa zai iya turawa gaba. Bayanin lafiya ya fi komai nauyi. Likita kan sanar ko mutum zai iya aikin da yawan kwanakin da zai huta, sunan ciwo kuwa sirri ne tsakaninsa da majiyyaci. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda cutar sida ko amosanin jini, kuma a gari irin Maradi da kowa ya san gidan kowa, takarda ɗaya da aka bari a kan tebur tana iya taɓa aikin mutum har da aurensa.

In wurin aiki ya ƙi nuna dosiye ko ya bari bayani ya fita, ana kai kuka ga HAPDP, wadda ke da ikon bincike da cin tara. Rigimar shekarun aiki da kuɗi kuwa wurin sufeton ƙwadago na Maradi ake fara kai ta don sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ƙwadago da kofin wasiƙar mai hatimi.