Mene ne Td da ake rubutawa a katin awon ciki?

Duk matar da ta je awon ciki a asibiti ko ƙaramin ɗakin shan magani a Katsina ko Daura za ta ga an rubuta Td1 ko Td2 a katinta bayan an yi mata allura a dantse. A tsofaffin katuna TT ake rubutawa. Mata sun fi kiranta allurar awo, kuma da yawa sun ɗauka ta ƙarin jini ce ko ta sauƙaƙa naƙuda, alhali rigakafi ce ta cututtuka biyu. Harafin T yana nufin tetanus, wato sarƙe-haƙora, ƙaramin d kuma yana nufin mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙasar nan tun ƙarshen 2022, Jihar Katsina na cikin waɗanda ta shafa. Lambar da ke biye tana nuna ko allura ta nawa ce matar ta karɓa cikin jerin guda 5.

Ƙwayar cutar tetanus tana zaune a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, tana kuma iya shekaru a can ba ta mutu ba. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Ta rauni take shiga, kuma idan ta sami wurin da iska ba ta kaiwa sai ta fara fitar da dafin da ke sa tsokar jiki ta ɗaure. Ga jariri, ƙofarta ita ce cibiya: rezar da aka taɓa amfani da ita, ko zaren da ba a dafa ba, ko tsumman gashi, ko toka da man goge baki da wasu ke shafawa don cibiya ta yi saurin faɗuwa. Ga uwa kuwa, raunin haihuwa ne ko na ɓari, har zuwa mako 6 bayan rabuwa da cikin.

Abin da ke cikin allurar dafin ne da aka kashe masa ƙarfi, don haka ba ya iya haddasa cutar, sai dai ya sa jikin uwa ya ƙera ƙwayoyin kariya da ke kama dafin na gaskiya idan ya shigo. Waɗannan ƙwayoyin suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan da ke ciki, mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe, saboda haka yaron yakan zo duniya da kariyar da ya aro daga uwarsa tun kafin ungozoma ta ɗauki reza. Da yake aro ce, takan ragu a hankali cikin watannin farko, shi ya sa ake fara yi wa yaro tasa allurar, wadda ake kira Penta, a mako na 6, a maimaita a na 10 da na 14.

Allura ɗaya ba ta wadatar ba, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake. Ta farko sanar da jiki kawai take yi, kariyar da take bayarwa kaɗan ce ƙwarai. Ta biyu, wadda ake yi bayan aƙalla mako 4, ita ce ke tayar da kariyar sosai, kuma ana so a yi ta aƙalla mako 2 kafin haihuwa domin jiki ya sami lokacin ƙera ƙwayoyin ya kuma miƙa su ga ɗan.

Mu ɗauki misalin yarinya mai cikin fari da aka aurar a cikin garin Katsina, wadda kunya ta hana ta zuwa awo sai da cikin ya kai wata 6. Ran nan aka yi mata Td1, rabin mililita a tsokar dantse. Ta koma cikin wata na 7 aka yi mata Td2, kuma tunda saura kimanin wata 2 ta haihu, ita da jaririnta sun sami kariya, wadda ga uwar takan ɗauki shekara 1 zuwa 3. Da a ce sai cikin wata na 9 ta fara zuwa, to Td1 kaɗai za ta samu kafin naƙuda, kuma ba za a ce yaron ya sami kariya ba. Duk da haka a yi allurar, domin ta shiga lissafi, sai a ƙara tsananta tsabtar haihuwa da ta cibiya.

To amma yarinyar nan an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Daura, katin kuma ya tsaya a ɗakin miji. Td3 ana yin ta ne bayan aƙalla wata 6 da Td2, wato lokacin da jaririn yake da kamar wata 4, kuma ba a buƙatar mace tana da ciki kafin a yi mata. A ganina wannan ce allurar da aka fi yin sakaci da ita, domin da zarar an haihu lafiya sai hankalin kowa ya koma kan katin yaro. Td3 tana kai kariyar zuwa aƙalla shekara 5, Td4 da ake yi bayan shekara guda tana kai ta 10, Td5 kuma bayan wata shekarar tana rufe duk shekarun haihuwa. Jinkiri ba ya sa a koma farko: idan matar ta sake samun ciki bayan shekara 2 da katinta a hannu, Td3 za a yi mata. Idan babu kati kuma ba ta tuna komai ba, ma'aikaciyar lafiya takan sake farawa daga Td1, abin da ba shi da haɗari amma yana sa mace ta haifi 'ya'ya biyar ba ta taɓa wuce allura ta biyu a rubuce ba.

Ciwon dantse ko ɗan kumburi ko zazzaɓi mai sauƙi na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani bayan allurar. Ba kowace rigakafi ake yi wa mai ciki ba: waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar ta ƙyanda, ana jinkirta su sai an haihu, don haka ya kamata mace ta faɗa idan tana da ciki a duk inda ake gangamin rigakafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 787,000 tetanus ta kashe a 1988, adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018, kuma ragowar sun fi yawa a wuraren da ake haihuwa a gida uwa ba ta sami allura biyu ba. Alamar cutar tana da tsari da ake iya ganewa: jariri ya yi kwana biyun farko yana tsotso yana kuka kamar kowane yaro, sannan tsakanin kwana na 3 da na 28, galibi dab da ranar suna, sai ya kasa kama nono saboda muƙamuƙinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare, ya riƙa zabura idan an taɓa shi ko an yi ƙara. A gidaje da yawa akan ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya hayaƙi da rubutu, alhali kowace sa'a tana rage damar tsirarsa. Irin wannan yaro asibitin da ke kwantar da jarirai ake kai shi nan take. Ko ya warke, cutar ba ta barin kariya a jiki, don haka sai an yi masa Penta kamar kowa, uwar ma a ci gaba da nata jerin. Cibiyar kowane jariri kuwa, ko uwarsa ta kammala allurai, da sabuwar reza ake yanke ta, a ɗaure da zare mai tsabta, a riƙa shafa man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti kullum har ta faɗi, ba tare da an haɗa shi da gashi ko wani abin shafawa ba.