Ba Iskar Fili Ke Lanƙwasa Firikik Ba

Mutane da yawa sun ɗauka wai iskar da ke kaɗawa ce ke karkatar da ƙwallo, kamar firikik ɗin Roberto Carlos a ragar Faransa a 1997. A'a wallahi, juyawa ce. In ka buge ta a gefe sai ta tafi tana juyi, fatarta na jan iskar da ke jikinta, ɓangaren da ke juyawa tare da iskar matsinsa ya ragu, ɗayan kuma ya ƙaru, shi ne ƙwallon ke zamewa wajen ƙaramin matsin. Sunan abin tasirin Magnus. Ko a rufaffen ɗaki za ta lanƙwashe, amma a Wata inda babu iska, komai juyinta ba ta karkata gefe.