Injin markaɗe: saye ko haya? Amsar tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wanne ya fi, in saya ko in karɓi haya?

Ya danganta da cinikin layinku. Idan ba ka san yawan robar markaɗe da kwanon hatsi da za su riƙa zuwa maka a yini ba, ka karɓi haya na wata biyu ko uku ka ƙirga. Idan ka sani, kuma kuɗin na hannunka, ka saya.

Nawa ne injin yanzu?

Je ka kasuwa ka taya. Farashin da za a rubuta yau ba zai kai wata mai zuwa ba. Ka dai sani abu biyu ake haɗawa: kan injin mai jan fetur, irin su GX160 ko GX200, da kuma tukunyar niƙan da maƙera ke haɗawa a wurare irin su Fanteka ta Kaduna. Ka tambayi kuɗin kowanne daban, da na bel da fuli da teburin da za a ɗaure su a kai.

Ai haya asara ce, mutum yana yi wa wani aiki ne kawai.

Wani lokaci haka ne, amma a yi lissafi kafin a yi kuka. A ce injin naira 300,000 ne, balas ɗin haya kuma naira 1,500 a yini. Kwana 26 na aiki a wata ya ba ka 39,000. Da injin naka ne, wannan kuɗin ba duka zai zauna a aljihunka ba, domin gyaran da mai injin ke ɗauka ya dawo kanka. Ka ware masa kamar 6,000 a wata, saura 33,000. Ka raba 300,000 da 33,000, za ka ga wata tara ne da 'yan kwanaki. Ke nan duk wanda ya tabbata zai wuce wata tara yana markaɗe a wurin, da ciniki mai tsayawa, hayar ta fara cin sa. Wanda kuwa azumi kaɗai yake hari, ko lokacin kakar tumatur da tattasai, ya sayi inji don aikin wata biyu ya ajiye shi yana tsatsa, shi ne ya yi asarar. Sa alƙalumanka a gurbin waɗannan, hanyar lissafin ɗaya ce.

Na lantarki ko na fetur?

Wuta nawa kuke samu a yini? Idan ba ta kai awa huɗu da rana ba, me ya kawo tambayar? Mai tuwon dare ba za ta jira a kawo wuta ba.

Wani ya ce zai ba ni injin, in riƙa biyan 12,500 duk mako, bayan mako 36 ya zama nawa. A kasuwa 300,000 ne. In karɓa?

A nan ne ake yawan faɗawa rami, don haka a bi a hankali. Jimillar abin da za ka biya 450,000 ne, wato ƙarin 150,000 a kan kuɗin hannu. Mutane da sun ji haka sai su ce zalunci ne. Ba lallai ba. Ka gwada shi da hayar nan ta 1,500 a yini, wadda ta kama 9,000 a makon aiki na kwana shida. Bambancin biyun 3,500 ne kacal a mako. Ka ƙara da gyara, tunda a irin wannan ciniki galibi kai ake bar wa shi, a ce 1,500 a mako. Ke nan da ƙarin 5,000 a mako, 180,000 cikin mako 36, ka mallaki injin da ɗan haya zai mayar wa mai shi hannu rabbana. Idan kuwa ka ce za ka zauna a haya kana zuba 3,500 a adashi har ka tara kuɗin saye, sai ka yi mako 86, kuma kafin nan farashin ya gudu ya bar ka. A takarda dai, tayin ba shi da laifi.

Sai dai takarda ba ta san damina ba. A ce a mako mai kyau kana cinikin 7,000 a yini, mai ya ci 2,500, ka tashi da 4,500. A kwana shida 27,000 ke nan, ka biya 12,500 hankali kwance. To ga makon da kayan miya suka yi tsada, mata suka koma busasshen tattasai da turmi, ko wani ya kafa nasa injin a bakin layi. Ciniki ya sauko zuwa 4,000 a yini, mai ya ci 1,700, domin injin da ake tayarwa saboda roba ɗaya a kashe ya fi shan mai a kan kowace roba. Ka tashi da 13,800 a mako. Ka biya mai injin, saura 1,300, cefane bai fito ba, balle bel ya tsinke. Makonni uku irin wannan a jere sun isa su sa ka fara tsallake biya. Saboda haka da makon da ya fi muni za ka auna tayin. Idan mafi munin makonka zai iya biyan kason ya bar maka na tuwo, ka matsa gaba. In ba haka ba, ka roƙi a rage kason a tsawaita makonnin, ko da jimillar za ta ɗan ƙaru tun a wajen ƙulla ciniki.

Abu na biyu ya fi lissafin nauyi: shin sayarwa ce bashi, ko haya ce da alkawarin mallaka a ƙarshe? Ba ɗaya ba ne, kuma masu bayarwa da yawa suna son a bar maganar a dunƙule, don su ci ta ko'ina. Idan sayarwa ce, injin naka ne tun ranar farko, abin da ake bin ka kuɗi ne. In ka gaza bayan ka biya mako 30, sai a sayar da injin, a cire sauran 75,000 ɗin, a ba ka canjinka. Idan haya ce, injin nasa ne har ƙarshe, yana iya ɗaukewa ya ce duk abin da ka zuba kuɗin haya ne, ka tashi a tutar babu bayan ka biya 375,000. Amma in ya ce haya ce, to babban gyara ma nasa ne, kamar yadda yake a hukuncin ijara: mai kaya ke ɗaukar lalacewar da ba ta sakacin ɗan haya ba. Ba zai ce injin nasa ne ranar ƙwacewa, ya ce naka ne ranar da fistin ya kama ba.

Ta fuskar addini, akasarin malamai sun halatta sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu, muddin an yanke farashi ɗaya da lokacin biya tun a zaman ciniki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ce duk makon da ka makara bashin ya ƙaru, wannan kam riba ce. Haɗa haya da saye cikin yarjejeniya guda kuwa akwai maganganun malamai a kai, shi ya sa bankunan Musulunci irin su Jaiz suke raba takardar hayar da alkawarin mallakarwa. Ka kai taka takardar wurin malamin da ya san babin ciniki ya duba.

Ko da wanne aka tsaya, a rubuta. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ma abin da ta ce ke nan game da bashi. A sa jimillar kuɗi, ranar biya, makonni nawa za a ɗaga maka ƙafa, abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka zuba in ciniki ya rushe, wa ke da gyara, da lambar da ke jikin injin. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali da mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu niƙa. Ka ajiye littafi, duk biya mai karɓa ya sa hannu. In ya ƙi a rubuta, yana cewa ai mu 'yan uwa ne, ka yi masa godiya ka tafi.

Idan injin haya ya lalace a hannuna, wa zai gyara?

An amsa rabin wannan a sama, a riƙa karantawa. Abin da aiki ke cinyewa kullum naka ne: baƙin mai, filogi, wasa dutse, galibi har da bel. Ringi, fistin, shaf da boris na mai injin ne, sai fa in kai ka jawo. Ka bar shi ba baƙin mai ya kama, ko yaronka ya bar cokali ya faɗa cikin tukunya ya fasa dutse, kada ka je kana rantse-rantse, ka biya. Wani abin da ake mantawa shi ne kwanakin da injin ke wurin makaniki. A faɗa tun farko cewa ba balas a ranakun nan.

Na hannu fa? An ce rabin kuɗi ne.

Yana iya zama alheri, amma ka je da makaniki, kuma da sassafe kafin a ɗumama injin. Idan sai an ja igiya sau goma, ko yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ringi ya tafi, yana shan baƙin mai. Ka zaro ma'aunin man ka duba. Irin waɗannan ƙananan injinan kamar lita 0.6 suke ɗauka, in ka tarar da shi baƙi ƙirin ya yi kauri, ba a kula da shi ba. Ka kama fulin tukunyar ka girgiza, in yana wasa boris ya mutu ko shaf ya cinye. Daga nan a zuba masara kwano ɗaya a niƙa a gabanka, domin injin da ke ruri ba kaya ba a san ƙarfinsa ba. Ka haɗa kuɗin gyaran da makaniki ya lissafa da kuɗin sayen. In sun kai kashi uku cikin huɗu na sabo, sabon ya fi.

Kuɗina sun kai daidai na injin. In zuba duka?

A'a. Da me za ka sayi man makon farko, da rumfa, da durom ɗin ruwa, da dutse na biyu? Na markaɗen jiƙa daban, na garin busasshe daban, in ba so kake kunun wata ya fito da yajin wata ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya zama babban abin da ke cin cinikin mai inji, don haka ka bar aƙalla kuɗin man mako biyu a gefe. In ba su ragu ba, ka ƙara wata ɗaya ko biyu a haya, ba wanda zai yi maka dariya.

Keken ɗinki da tandun burodi ma haka ne?

Lissafin ɗaya ne, amsar ce ta bambanta. Baƙin keke na ƙafa ba ya shan mai, gyaransa kaɗan ne, yana shekaru, kuma in ka gaji za ka sayar ba wahala. Wannan saye ake yi. Keken sirfani mai tsada da aikinsa ke tashi gab da salla, ka kai aikin wurin masu shi ka biya kuɗin kowace riga har sai odarka ta yi yawa. Tandu kuwa ba ya ɗaukuwa, hayarsa hayar gidan burodi ce baki ɗaya, sai a yi maganar buhun fulawa nawa za ka murza a dare da kuma wa zai sayi itace ko gas.

Mai injin ƙanen babana ne, sai mun rubuta?

Har da shi. Ka ce masa, Baffa, saboda rai da mutuwa ne, kada magada su zo su rasa inda aka tsaya.