Agogon Zulu: dalilin da ya sa matuƙi ba ya aiki da agogon Legas

Duk wanda ke zaune a Agege ya saba da ƙarar jiragen da ke tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed. Abin da fasinja bai cika sani ba shi ne, lokacin da ke kan tikitinsa da wanda matuƙi ke aiki da shi ba ɗaya ba ne. Tikiti yana nuna agogon garin da za a tashi da na garin da za a sauka. Matuƙi kuwa, da mai ba shi umarni daga hasumiya, da ma'aikacin NiMet mai hasashen yanayi, duk agogo guda suke bi, wanda a rubuce ake kira UTC, a rediyo kuma Zulu, saboda harafin Z da ake sa wa a ƙarshen lambobin.

Ƙa'ida ce ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda Najeriya ke cikinta. Ta ce a yi amfani da UTC, a ƙirga yini awa 24 daga tsakar dare, kuma matuƙi ya daidaita agogonsa kafin ya tashi a ƙarƙashin kulawar hasumiya. Agogon yana bin layin Greenwich ne, wanda taron ƙasashe ya amince da shi a Washington a 1884. Najeriya tana gabansa da awa ɗaya duk shekara, Saudiyya da awa uku. Ghana kuwa daidai take da shi, shi ya sa jirgin da ya bar Legas ƙarfe 9 yakan sauka Accra agogonsu na nuna wajen 9 ɗin.

Mu ƙaddara jirgin masu Umra zai bar Legas ƙarfe 12:30 na dare, ranar 15 ga wata ta riga ta shiga, kuma tafiyar Jidda za ta ci awa biyar da rabi. A takardun matuƙi za a cire awa ɗaya, sai lokacin ya zama 142330Z, wato ranar 14, ƙarfe 23:30. A lura, kwanan wata ma ya koma baya. Tsakanin 12 da 1 na dare a Legas, Zulu yana jiya tukuna, kuma nan sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe: su gyara awa, su manta da ranar.

A ƙara awa biyar da rabi, saukar ta faɗa 0500Z ranar 15, wato 8 na safe a Jidda. Fasinja da ya duba tikiti zai ɗauka awa bakwai da rabi zai yi a sama, alhali biyu daga ciki bambancin agogo ne kawai.

Yanzu a ce hasashen filin Jidda, wanda ake kira TAF, ya zo da wannan layin:

```
TEMPO 1504/1507 0800 DS
```

Ma'anarsa, ranar 15 daga ƙarfe 4 zuwa 7 na Zulu za a riƙa samun guguwar ƙura jefi-jefi, har ido ba zai wuce mita 800 ba. Jirginmu zai iso 0500Z, tsakiyar abin ke nan. Matuƙi zai zauna da mai tsara tafiya su duba ko za a ƙara mai, da kuma inda za a karkata, kamar Madina, idan sauka ta gagara. To, da wani zai karanta lambobin da agogon Jidda, sai ya ce ai ƙurar ta lafa tun 7, awa guda kafin isowarsu, ya tashi da man da bai yi lissafin jira ba. Alamar irin wannan kuskure ba ta ɓuya: idan lokacin tashi da tsawon tafiya ba su ba da lokacin sauka ba, an cakuɗa agogo biyu.

Masu hasashe nasu dalilin ya ɗan bambanta. Taswirar yanayi hoton sararin sama ne a lokaci guda, don haka dole Legas da Kano da Yamai da Jidda su auna iska da zafi a daidai lokaci ɗaya. Manyan lokutan awo su ne 0000Z, 0600Z, 1200Z da 1800Z, wato a Legas 1 na dare, 7 na safe, 1 na rana da 7 na yamma. Da kowa zai auna da ƙarfe 12 na garinsa, hadarin da ke tahowa daga gabas zai bayyana a taswira ba a inda yake ba.

Ga kuma ƙasashen da ke taɓa agogonsu. Birtaniya tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai Landan ta yi daidai da Legas, a sauran watannin kuma ta koma baya da awa guda. Zulu ba ya motsi, saboda haka 0500Z ƙarfe 6 na safe ne a Ikeja, ko a Janairu ko a Yuli.