Daga logbuk zuwa fotfoliyo: tambayoyin ɗalibar likitanci kafin jarrabawa

Likita, saura wata biyu mu shiga jarrabawa. Logbuk ɗina na sashen yara ya kusa cika, sai ga shi an ce kowa ya kawo fotfoliyo. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ƙanwata. Logbuk lissafi ne kawai: rana kaza na ga mai cuta kaza, na sa kanula, ga sa hannun rajistara, wato likitan da ke horon ƙwarewa a sashen. Yana nuna kin halarci wurin. Fotfoliyo kuwa hujja ce da kika tsara da kanki don ki gamsar da mai jarrabawa cewa kin iya abin da sashe ya ce ɗalibi ya iya kafin ya fita. Logbuk ɗin yana shiga cikinsa, tare da 'yan zaɓaɓɓun marasa lafiya da kika rubuta labarinsu sosai, da fom ɗin da malamai suka cike suna kallon aikinki, da abin da kika koya.

A 1990 George Miller ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, nunawa a gaban malami, sai aikatawa a kan marar lafiya na gaske. Jarrabawar takarda tana auna hawa biyu na ƙasa. Fotfoliyo ana neman sa ne saboda na sama, shi ya sa layin da aka rubuta "zazzaɓin cizon sauro, an gani" ba ya ɗaukar ki ko'ina. Bai faɗi ko ke kika ɗauki tarihin ba, ko kuwa kina tsaye ne a bayan mutum goma ranar zagayen konsaltan.

To daga ina zan fara?

Kada ki fara da logbuk. Ki fara da takardar sharuɗɗan sashenku, wadda ta jera cututtukan da ake so ki gani da ayyukan da ake so ki yi da adadin kowanne. Adadin yana bambanta daga makaranta zuwa makaranta, na Kano ba lallai ya zo daidai da na Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ba, don haka kada ki ari na ƙawarki.

Sannan ki buɗe shafi ɗaya a Excel ko Google Sheets ki kwashe logbuk ɗin gaba ɗaya a ciki, kowane aiki layinsa. Ginshiƙai bakwai sun isa, daga A zuwa G: kwanan wata, lambar da kika ba marar lafiya, aikin ko cutar, wurin da aka yi, matakin hannunki a ciki, wanda ya sa ido, sai ko akwai sa hannu, inda za ki rubuta "eh" idan akwai.

Ginshiƙi na biyar shi ne ran aikin, kuma shi ɗalibai suka fi yi wa sakaci. Kalmomi uku kawai za ki riƙa amfani da su: "na kalla", "na taimaka", "na yi". Idan rajistara ce ta soka allurar ɗiban ruwan baya ke kuma kika riƙe yaron a lanƙwashe, wannan "na taimaka" ne. Idan ke kika sa robar hanci tun daga aunawa har tabbatar da cewa ta shiga ciki, tana tsaye tana kallo, wannan "na yi" ne. Ki rubuta kalmar iri ɗaya a kowane layi, domin na'ura ta iya ƙirga miki:

```
=COUNTIFS(C:C,"kanula",E:E,"na yi",G:G,"eh")
```

Wannan zai ba ki adadin kanular da kika sa da hannunki kuma aka sa miki hannu. Kada ki yi mamaki idan logbuk ya nuna 15 amma lissafin ya ba ki 6. Gara ki ga giɓin yanzu da sauran wata biyu a hannunki.

Sun ce mu zaɓi marasa lafiya kaɗan mu rubuta su dalla-dalla. Wanne zan zaɓa, kuma yaya ake rubutawa?

Ɗalibai sukan ruga wajen cutar da ba a cika gani ba, wai don su burge. Ni dai shawarata ki zaɓi wadda za ki riƙa gani kullum idan kin fara aiki, kuma wadda hannunki ya shiga ciki sosai. Bari mu ɗauki misali, yaron da ya zo sashen gaggawa na yara da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A logbuk layi ɗaya ne. A fotfoliyo zai cika shafi guda, kamar haka.

Sakin layi na farko gajere ne: Y-07, namiji ɗan shekara uku, nauyinsa kilo 14, zazzaɓi na kwana uku, ya yi jijjiga sau biyu a gida, ya iso ba ya iya zama da kansa. Gwajin gaggawa na maleriya ya nuna akwai. Kaurin jininsa kashi 22 cikin ɗari, wato bai kai ƙasa da 15 da ake kira ƙarancin jini mai tsanani a yara ba.

Na biyu shi ne abin da ke kika yi, a rarrabe da abin da wasu suka yi. "Ni na ɗauki tarihi daga mahaifiyarsa da Hausa, na duba shi, na gabatar wa rajistara. Na sa kanula mai ruwan ɗorawa a bayan hannun hagu a gwaji na biyu, tana kallo. Na lissafa maganin maleriya atesunet a kan miligiram 3 kowane kilo saboda bai kai kilo 20 ba, ya kama miligiram 42. Kwalbar miligiram 60 aka haɗa ta zama mil 6, aka ba shi mil 4.2. Nas ce ta yi allurar." Kin ga mai jarrabawa zai iya bin lissafin ya tabbatar, kuma ya san kin san cewa yaron da ya kai kilo 20 miligiram 2.4 kowane kilo ake ba shi, ana maimaitawa bayan awa 12 da awa 24.

Na uku shi ne tunanin da ya biyo baya, kuma nan ne makin yake. Abin da ake yawan rubutawa shi ne "na koyi muhimmancin gaggauta magani". Wannan jimla za ta dace da kowane marar lafiya a duniya, saboda haka ba ta faɗi komai ba. Ki dubi bambancin: "Hankalina ya tafi kan kanula, ban nemi gwajin sukari ba sai da rajistara ta tambaya. Aka samu ya faɗi zuwa 2.1, aka ba shi ruwan sukari na kashi goma, mil 5 kowane kilo, wato mil 70. Na gane cewa a yaron da ya yi jijjiga ko hankalinsa ya ragu, faɗuwar sukari tana ɓuya a cikin alamomin maleriyar kanta. Daga ranar nake neman gwajin a lokacin da ake ɗibar jinin farko." Ɗaliba ba ta rasa maki don ta rubuta abin da ya wuce mata, matuƙar ta nuna gyara.

Sai ki rufe shafin da shaidar gyaran: "Duba Y-11 da Y-14, shafi na 23, inda na yi gwajin sukari kafin a tambaye ni." Wannan ɗan layin shi ke haɗa labari da logbuk. Idan akwai fom ɗin da rajistara ta cike lokacin da take kallon sa kanular, ki maƙala shi nan bayan shafin.

Me ya sa kika rubuta Y-07? Mu lambar folda muke sakawa.

Idan logbuk ɗin sashe yana da gurbin lambar asibiti, ki cike yadda suka ce, ki kuma adana shi kamar yadda ake adana folda. Amma fotfoliyo yana yawo: shagon buga takardu, hannun abokai, waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Don haka babu suna, babu lambar folda, babu sunan unguwa ko ƙauye, babu hoton fuska. Takardar da ta haɗa Y-07 da lambar asibiti ki ajiye ta daban a wurinki.

Inda ake yawan zamewa shi ne hoton takardar sakamakon gwaji ko hoton ƙirji, domin sunan yana can a kusurwa. Rufe shi da ɗan zane a waya bai isa ba idan asalin hoton yana nan. Ya fi sauƙi ki kwafe alƙaluman da hannu. A ƙaramin gari ma, shekaru da sana'ar uba da cuta mai wuyar samu sun isa a gane yaro, sai ki rage abin da labarin ba ya buƙata.

Akwai ayyukan da na yi da gaske amma ban samu sa hannu ba, wasu kuma adadin bai cika ba.

Waɗanda kika yi, ki koma wurin wanda ya kalle ki, ki tuna masa ranar da yaron. Idan ya tuna ya sa hannu da kwanan watan ranar da ya sa, ba na baya ba. Idan ya bar asibitin ko bai tuna ba, ki bar layin a matsayin "babu sa hannu", kada ki ƙirga shi. Waɗanda ba su cika ba kuwa, ki ɗauki jerin giɓin ki kai wa babban rajistara, ki roƙi a sa ki kwanan aiki a sashen gaggawa. Kanula da robar hanci da ɗibar jini ba sa yankewa a can.

Abin da nake roƙon ki da shi, kada ki bari wani ya zauna ya jera miki sa hannu ashirin a zama ɗaya kan abin da bai gani ba, balle a kwaikwayi hannun malami. Ana ganewa: biro ɗaya na tsawon mako takwas, sa hannun likita a ranar da yake hutu, yara biyar masu sanƙarau a mako ɗaya da rajistar sashe ba ta san da su ba. Ƙarancin adadi ana iya gyara shi da ƙarin makonni. Jabun sa hannu magana ce ta amana, tana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Kuma yaron da za ki tarar da tsakar dare a shekarar aikin horo, hannunki yake buƙata.

Yaya zan jera shi a ƙarshe?

Ki jera bisa sharuɗɗan sashe, ba bisa kwanan wata ba. Shafi na farko tebur ne: abin da aka nema, adadin da aka nema, adadin da kika yi da sa hannu, da lambar shafin da hujjar take. Mai jarrabawa yana da tarin fotfoliyo a gabansa, wannan shafin zai fara dubawa, daga nan ya zaɓi layi biyu ko uku ya bi su ya gani ko suna nan. Bayansa sai labaran marasa lafiya kowanne da fom ɗinsa, sai logbuk na asali a ƙarshe. Ki sa lambar shafi bayan kin gama jerawa, ki ɗauki hoton komai ki ajiye kafin ki miƙa, domin logbuk yana ɓata.

Mako guda kafin miƙawa ki ba wata 'yar ajinku teburin, ki ce ta zaɓi layin da ta ga dama ta nemo hujjarsa cikin minti ɗaya, sannan ta yi miki tambayoyi a kai. Idan ta buɗe Y-07 ta ce me ya sa miligiram 3 ba 2.4 ba, ko me za ki yi da kaurin jinin ya sauka zuwa 13, ki amsa ba tare da kallon takarda ba. Duk labarin da kika kasa karewa a gabanta, ki koma ki karanta shi ko ki musanya shi da wanda kika fi sani.