Karin magana, zancen hikima, take da furucin ƙarfafa kai

Karin magana, zancen hikima, take da furucin ƙarfafa kai duk gajerun zantuka ne masu sauƙin riƙewa, shi ya sa ake yawan cakuɗa su, musamman a rubuce-rubucen da ake liƙawa a bayan motoci da bangon ofisoshi a Jos da Abuja. Ana bambanta su ne ta hanyar duba mai maganar, da wanda ake faɗa wa, da abin da ake so ya biyo baya.

Karin magana ba ta da mai ita. Ba wanda zai iya nuna mutumin da ya fara cewa "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", shi ya sa mai kawo ta yakan fara da "Hausawa na cewa" ko "masu iya magana sun ce". Ba ta faɗin abu kai tsaye. Tana magana a kan jifa, ko gemu, ko jinka, alhali abin da ake nufi mutum ne da halinsa, kuma mai sauraro ne zai haɗa su da kansa. Nan ƙarfinta yake: dattijo zai iya jan kunnen wanda ya girme shi a mulki ba tare da ya kunyata shi ba, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne karin magana ba doka ba ce. Akwai "sannu ba ta hana zuwa", akwai kuma "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe", kowace daidai ce a muhallinta. Gwaninta tana ga sanin wadda ta dace da lamarin da ke gaba. Ta fi yin amfani a sulhu, da nasiha, da wurin da faɗin gaskiya tsirara zai ɓata zumunci. Inda take gazawa shi ne wurin da ake buƙatar umarni bayyananne, ko inda mai sauraro bai tashi cikin harshen ba. A taron da ya haɗa ƙabilu da yawa a Abuja, karin maganar da sai an fassara ta riga ta rasa rabin kaifinta.

Zancen hikima shi kuwa ƙa'ida ce ta zaman duniya da ake faɗa a fili, babu lulluɓi, kuma galibi an san daga inda ta fito. Maganar da aka fi jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, tana cikin wannan aji: ba hoto a cikinta, hukunci ne a kan yadda mulki yake. Ƙa'idojin fiƙihu irin su "yaƙini ba ya gushewa saboda shakka" su ma haka suke. A Faransa La Rochefoucauld ya tattara irin waɗannan zantuka nasa a littafi a shekarar 1665. Zancen hikima yana iƙirarin zama gaskiya a ko'ina, saboda haka ana iya yin gardama da shi, a kawo hujja a kansa. Ya dace da koyarwa, da huɗuba, da lokacin da mutum yake neman mizanin da zai auna shawararsa.

Take na ƙungiya ne, an ƙirƙire shi da gangan don tara jama'a. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 tana da "Sawaba", NPC tana da "Salama". A Jamhuriya ta Biyu PRP ta ɗauki "Nasara", NPN ta ɗauki "Aminci", a zaɓen 2015 kuma "Canji" ya cika gari. Kalma ɗaya ta isa, domin ba bayani ake nema ba, amsawar taro ake nema. Jihohi da babban birnin tarayya ma suna da nasu: Filato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, Abuja cibiyar haɗin kai. Take yana faɗin buri ne, ba ya kafa hujja, kuma yana da wa'adi. Da zarar yaƙin neman zaɓen ya wuce ko jam'iyyar ta rushe, sai ya koma tarihi. Wani lokaci akan ari karin magana a mayar da ita take, kamar yadda ma'aikatan lafiya suka yi da "rigakafi ya fi magani". Kalmomin ba su sauya ba, amma yanzu akwai hukuma a bayansu da allurar da take so a kawo yara su karɓa.

Furucin ƙarfafa kai shi ne baƙo a cikinsu. Magana ce da mutum yake maimaita wa kansa, da "ni" a cikinta, don ya gyara yadda yake kallon kansa. Wanda ya yaɗa shi a zamanin nan shi ne Émile Coué, wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa da ya rasu a 1926, wanda ya riƙa umartar masu zuwa wurinsa su maimaita sau 20 safe da dare cewa kullum, ta kowace fuska, suna ƙara samun sauƙi. Ya bambanta da addu'a, domin addu'a roƙo ce ga Allah, shi kuwa zance ne da zuciya. Yana da iyaka mai muhimmanci. A binciken da Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada da abokan aikinta suka wallafa a 2009, mutanen da tun asali suke raina kansu sun ƙara jin ƙunci bayan sun maimaita cewa su abin ƙauna ne. Zuciya takan ƙaryata abin da ya yi mata nisa. Furucin da ke aiki shi ne wanda aka gina a kan abin da mutum ya san gaskiya ne game da kansa.

A ɗauki misalin saurayin da ya karɓi buhunan dankalin Turawa bashi a kasuwar Farin Gada a Jos, ya ajiye yana jiran farashi ya hau, damina ta sa rabi ya ruɓe. Ran da kawunsa ya kai shi gaban mai kayan, karin magana ce za ta yi aiki. Kawun zai ce, "Alhaji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," Alhaji ya gane ana roƙon sassauci ba tare da an ce masa ya yi tsanani ba. Da sun koma gida, yaron ba ya buƙatar lulluɓi, ƙa'ida yake buƙata: kada ka ajiye kayan gwari da kuɗin wani. Wannan zancen hikima ne, zai riƙe shi a kowace kaka. In 'yan kasuwar suka tashi neman a gina musu rumbun ajiya, sai su nemi take gajere da za a rubuta a kyalle, a amsa da murya ɗaya. Shi kuwa yaron, da asuba kafin ya fita, in ya ce wa kansa "ni babban attajiri ne" zuciyarsa za ta tuna masa da bashin. In ya ce "na taɓa biyan bashi, wannan ma zan biya shi buhu-buhu", ya faɗi abin da zai iya tsayawa a kai.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne musanya su. Wanda ya je jaje ya tarar da mutum cikin asara ya ce masa ya riƙa cewa "ni mai nasara ne" bai saurare shi ba. Shugaban da aka tambaya ina kuɗin ƙungiya suka shiga, ya amsa da take ko da karin magana, ya kauce wa tambayar ne, domin a wannan wuri lissafi ake bukata, da rasit da sa hannun ma'aji.